Kwali shida da ba a buɗe ba: yadda muka gano jabun tona a wata makaranta a Jos

Saura mako biyu a fara jarrabawar zangon farko ma'ajin wata makarantar kuɗi da ke wajen titin Bauchi ya kira ni, muryarsa duk a dame. Ya ce firintar ofis ta lalace, takarda tana fitowa da duhu-duhu kamar an shafa mata toka, ga tambayoyin aji goma sha biyu suna jiran bugu. Gyaran firinta nake yi, shagona yana kusa da Taminus, kuma ni nake duba musu injinan tun da daɗewa. Na ɗauki jakar kayan aiki da yaron shagona muka hau Keke.

Firintar HP LaserJet P2055dn ce, tsohuwa amma mai juriya. Katirij ɗinta, wato akwatin da ke ɗauke da tona, garin da ke buga rubutu, shi ne wanda kowa ke kira 05A, cikakkiyar lambarsa CE505A. Farkon abin da ya zo mini a rai ba jabun kaya ba ne, hunturu ne. Disamba ce, kuma wanda ya san Jos ya san yadda iska ke bushewa a lokacin, har leɓe ya tsage. Bushewar iska takan sa firintar lesa ta riƙa yayyafa ɗan toka-toka a bayan rubutu, ko da katirij ɗin lafiyayye ne. Sai dai da na ɗaga takardar zuwa haske na ga wani abu da hunturu ba ya yi: wani baƙin ɗigo a gefen hagu yana maimaita kansa daga sama zuwa ƙasa. Na sa rula, tsakanin ɗigo da ɗigo kusan santimita 7 da rabi. Wannan shi ne kewayen dirom ɗin da ke cikin katirij, wato sandar nan mai santsi da hoton shafi ke kwanciya a kanta kafin ya hau takarda. Duk juyi ɗaya, tabon da ke jikinta sai ya buga tambarinsa. Dirom mai tabo kuwa tsoho ne, ko kuma mara kyau tun daga ƙira.

Na ce, “Malam, yaushe aka sa wannan katirij ɗin?”

Ya ce, “Injiniya, ko sati bai yi ba. Sabo fil daga kwali. Na biyu ke nan ma, na farkon ya ƙare kamar an sha shi da cokali.”

A nan labarin ya sauya. Makarantar ta sayi guda takwas a hannun wani ɗan kwangila da ke kawo musu takarda da alli da sauran kayan ofis, an rubuta a rasit cewa na asali ne, an kuma biya kuɗin da bai yi ƙasa da na asali ba sai da ɗan kaɗan. Wannan ɗan ragin shi ne tarkon. Da ya kawo shi a rabin farashi da ma'aji ya tsargu. Da ragi kaɗan kuwa, sai mutum ya ɗauka alheri aka yi masa.

Kafin in ci gaba, akwai abin da nake so a rarrabe, domin mutane suna cakuɗa shi. Katirij iri uku ne a kasuwa. Akwai na asali. Akwai wanda wani kamfani daban ya ƙera ko aka sake cika shi, aka sa shi a kwalinsa na kansa, aka sayar da arha, mai saye ya san abin da ya saya. Ni kaina ina sayar da irin wannan, ina kuma cika wa mutane tona, ba na jin kunyarsa. Na ukun shi ne jabu: a ɗauki na biyun a sa masa rigar na farko, a karɓi kuɗin na farko. Laifin yana cikin rigar ne.

Na shiga jerin rahotannin firintar na buga shafin da ake kira Supplies status, wanda ke nuna lambar katirij, da adadin shafukan da aka buga da shi, da lambarsa ta musamman. Sannan na mayar da na farkon da suka ajiye a bayan kabad, na sake buga shafin. Ya nuna shafi 640 kacal. Kamfanin ya ƙiyasta 05A a kan shafi 2,300, amma wannan ƙiyasin an yi shi ne da shafin gwaji na ma'aunin ISO/IEC 19752, inda rubutu ya rufe wajen kashi 5 cikin 100 na takarda. Takardar jarrabawa mai cike da rubutu da zanen lissafi ta fi haka shan tona, don haka da an ce ya tsaya a dubu ɗaya da ɗari shida ba zan ɗaga gira ba. 640 kuwa ba yawan rubutu ba ne, ƙarancin gari ne a ciki. Abu na biyu da shafukan suka nuna ya fi wannan muni: katirij biyu daban, amma lambarsu ta musamman ɗaya ce, harafi da harafi.

Ma'aji ya ce, “To amma ai da muka sa shi allon ya rubuta Genuine HP supply installed, wato na asali ne. Ni da idona na gani.”

Na yarda ya gani. Sai dai firinta ba ta ɗanɗana tona, ba ta kuma duba dirom. Da ɗan ƙaramin cif ɗin da ke jikin katirij kaɗai take magana, abin da ya faɗa mata shi take maimaitawa. A tsofaffin injina irin wannan an daɗe da kwaikwayon cif ɗin, har ya iya gabatar da kansa a matsayin ɗan gida. Idan allo ya rubuta Non-HP supply installed a kan abin da ka saya da sunan na asali, magana ta ƙare, an cuce ka. Idan ya ce na asali ne, shaidar mutum ɗaya ka samu, kuma shaidar da ake iya saye.

Na roƙe shi kada a ƙara buɗe ko ɗaya daga cikin shidan da suka rage. Aka kwaso su daga sito aka jera a kan teburin shugabar makarantar, Hajiya, wadda ta bar abin da take yi ta zo ta zauna. Na aika yarona shago ya ɗauko mini kwalin 05A guda da na saya a wajen dila mai izini, wanda nake ajiyewa don irin wannan rana. Ba a gane jabu da ido kawai cikin sauƙi. A gefen na gaskiya yake tona wa kansa asiri.

Da hatimi muka fara. A kwalin tona na HP akwai wata ƙaramar takardar tsaro mai walƙiya da ake mannawa a kan layin da ake yagewa a buɗe kwalin, yadda ba za ka buɗe ta hanyar da ta dace ba sai ka raba ta biyu. A jikinta akwai kalmar OK da alamar nan ta maki da malami ke yi wa ɗalibi idan ya ci. Idan ka karkata kwalin gaba da baya, su biyun suna motsawa ne zuwa ɓangarori mabambanta. Idan ka karkata shi hagu da dama, sai su tafi tare. Na miƙa wa Hajiya nawa ta jujjuya shi a bakin taga har ta ga motsin, sannan na ba ta nasu ɗaya bayan ɗaya. A guda huɗu, takardar tana ƙyalli sosai, har ta fi tawa ɗaukar ido, amma alamomin suna tsaye cak kamar an kafa su da ƙusa. Ƙyalli aka buga, ba motsi ba.

Akwai kuma lamba a jikin kowane hatimi, tare da ɗan murabba'in QR. Kowane kwali da tasa lambar. Na ce wa yarona ya karanto na huɗun nan da ƙarfi. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, sai ya tsaya ya dube ni.

“Oga, ai ita ce dai.”

Duk huɗun lamba ɗaya. An ɗauki hoton hatimi guda na gaskiya aka buga shi ɗaruruwa. Wannan gwajin ba ya bukatar data ko waya, kuma shi ya sa nake cewa wanda ya sayi da yawa ya fi wanda ya sayi ɗaya sauƙin kama ɓarawo, in dai zai jera su ya duba. Mai guda ɗaya sai ya bi ta intanet. Shawarata a nan, kada ka dogara da inda QR ya kai ka ba tare da ka karanta adireshin ba, domin mai iya buga hatimi yana iya buga QR da zai kai ka shafin da shi ya gina, ya ce maka komai lafiya. Rubuta hp.com/go/ok da hannunka, ka shigar da lambar.

Sauran biyun su suka ba ni aiki, kuma su ne dalilin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta. Hatiminsu na gaskiya ne. Alamomin suna motsi yadda ya kamata, lambobinsu daban-daban, layin yagewa ba a taɓa shi ba. Ma'aji har ya fara murmushi, ya ce ashe dai an sami na kirki a ciki. Na juya kwalin na duba ɗaya gefen, wanda ba kowa ke kallo ba. Kamfani yana rufe bakin kwali da inji, gam ɗin yana tafiya a layi, leɓen kwalin ya kwanta daidai. A nan kuwa leɓen ya ɗan kumbura, da na sa farce a ƙarƙashinsa na ji dunƙulen gam mai tauri irin na bindigar gam, ga kuma wurin da fatar kwalin ta ɗaye aka mayar da ita. Wato wani ya buɗe kwalin ta gefe da wuƙa mai kaifi, ya zare na asalin, hatimi yana nan lafiya, daga baya aka zura wani abu aka liƙe. Kowa ya san masu zagaya ofisoshi suna sayen tsohon katirij, kuma sukan ƙara kuɗi idan da kwalinsa, su ƙara fiye da haka idan hatimin bai yage ba. Ga inda kwalayen ke zuwa.

Saboda haka hatimin gaskiya shaida ce a kan kwali, ba a kan abin da ke ciki ba, kamar yadda cif shaida ce a kan cif.

Batun bugun rubutun kwali ban daɗe a kansa ba, domin ya zo da sauƙi. Mutane suna neman kuskuren rubutu, harafin da ya faɗi ko kalmar da aka juya. A da ana samun haka, yanzu masu jabun sun iya kwafa. Abin da ba su iya ɓoyewa shi ne ingancin bugun. Na buɗe kyamarar waya na ƙara girma a kan ƙananan rubutun da ke gefe, inda aka jera injinan da katirij ɗin ke shiga. A kwalina, kowane harafi bakinsa a yanke yake tsaf kamar da reza. A na huɗun nan, bakin harafin ya yi gashi-gashi, da ƙananan ɗigogi masu launi a kewaye, alamar hoton kwali aka ɗauka aka sake bugawa, rubutu da komai. Layukan bakod ma sun yi kauri har wasu sun kusa haɗewa. Shuɗin tambarin ya ɗan ja zuwa shunayya. Gargaɗi ɗaya dai: kamfanin yana sauya fasalin kwalinsa lokaci zuwa lokaci, don haka idan ka ga zanen kwali biyu ya bambanta, wannan kaɗai ba hujja ba ce. Kaifin bugu nake dubawa, ba fasali ba. Kwalaye biyun da aka liƙe kuwa bugunsu tas, tun da na gaskiya ne.

Da izinin Hajiya, bayan mun ɗauki hoton kowane kwali ta fuska shida, muka buɗe ɗaya daga kowane rukuni, ma'aji yana ɗaukar bidiyo. Ragowar huɗu muka bar su a rufe don mai kaya ya gan su yadda ya kawo.

Na cikin kwalin gaskiyar shi na fara ɗagawa. Tun daga ledar na ga ƙurar tona ta kwanta a kusurwa, abin da ba ka gani a sabon kaya. A 05A na asali akwai wani ɗan kunne na roba a gefen hagu, wanda sai ka lanƙwasa shi ya ɓalle sannan ka ja, doguwar leda ta fito, ita ce ke tare garin kada ya zubo kafin a fara aiki. A wannan, kunnen a riga an ɓalle shi, an manna shi a mazauninsa da ɗigon gam. Kawunan sukurorin gefe sun yi fari-fari inda sukudireba ta ci su. Takardar da ke saman katirij ɗin sabuwa ce, amma ta ɗan karkace, a gefenta kuma ana ganin inuwar tsohon gam na wadda aka ɓare.

Sai wurin cif. A nan nake so mai karatu ya tsaya, domin a ganina babu inda ya kai shi faɗin gaskiya a jikin katirij. Cif ɗin ɗan allo ne da bai kai farcen yatsa ba, da wurare biyu masu launin zinariya inda ƙarafunan firinta ke taɓawa. A masana'anta ana zura shi cikin wani ɗan rami, sannan a narkar da robar bakin ramin ta riƙe shi. Narkewar inji ce, a daidaice, sumul. Wanda zai sauya cif ba shi da hanya sai ya yanke wannan robar da reza, ya zare tsohon, ya zura sabo, sannan ya nemi abin da zai riƙe shi. Na haska fitilar waya a kai, Hajiya ta sunkuyo da tabarau. Kusurwoyi biyun an yanke su, yankan ya bar farin tabo a baƙar roba, ga ɗan ƙwallon gam a saman kamar hawaye ya daskare. Cif ɗin kansa sabo ne, zinariyarsa ba ko ƙwarzane, alhali ƙarfen da ke gefen katirij ɗin, wanda shi ma yake gogar firinta, ya sha gugar aiki har ya yi haske. Sabon cif a tsohon jiki.

Da sun bar tsohon cif ɗin ma da ya tona su ta wata hanyar. Ƙarafunan firinta suna barin ƙananan layuka a kan zinariyar tun daga sawa ta farko, kuma cif ɗin yana riƙe da lissafin shafukan da aka buga da shi, firinta za ta ce an taɓa amfani da shi. Shi ya sa suke sauyawa. Kowace suka zaɓa, sawun hannu yana nan.

Na rukunin huɗun kuwa wani iri ne. Ba tsoho ba ne, sabuwar ƙira ce ta kwaikwayo. Babu ƙwarzane, babu yanka, sukurori lafiya. Wanda ya koyi neman alamar tsufa kawai zai wuce shi. Amma da na ajiye shi kusa da nawa, ramin cif ɗin ba shi da narkakkiyar robar kwata-kwata. An ƙera shi a buɗe yadda za a zura a zare, cif ɗin yana ɗan motsi idan ka taɓa shi da tsinke. Robar jikin tana da ƙaiƙayi a gefuna inda aka zuba ta. Na ɗora su a sikelin kicin ɗin makarantar, ɗaya bayan ɗaya, na kwaikwayon ya fi nawa sauƙi yadda ko a hannu za ka ji. Biyun da suka riga suka yi amfani da su, masu lamba ɗaya a shafin rahoto, 'yan wannan gidan ne.

Ma'aji ya tuna cewa mutumin ya kawo musu tawada ta ƙaramar firintar DeskJet mai launi, HP 123, guda biyu. Dubawa ɗaya ce da ɗan bambanci. Irin wannan katirij ɗin yana da faifan tagulla mai ɗigo-ɗigo a bayansa, kuma idan ya taɓa shiga firinta, kowane ɗigo yana ɗauke da ɗan lotsawar allurar da ta danna shi. Masu cikawa suna huda takardar saman da sirinji, don haka shafa yatsa a kanta yana nuna rami ko sabuwar takarda a kan tsohuwa. Na makarantar tagullarsu sumul, takardar sama ba huda, hatimi yana motsi. Na ce su yi amfani da abinsu.

Washegari aka kira ɗan kwangilar. Dattijo ne, ya zo da fara'arsa, da ya ga kwalaye a jere fuskarsa ta sauya. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Alhaji, karanta mana lambobin nan huɗu.” Ya karanta biyu ya cire hula ya share goshi. Ya rantse cewa shi ma a matsayin na asali aka ba shi, daga hannun wani da ke aiko masa da kaya a mota. Ni dai na fi karkata ga yarda da shi a kan rabin maganar. Mutumin da ya san jabu ne ba zai haɗa kwali huɗu masu lamba ɗaya ya kai wa mai saye ɗaya ba. Amma farashin da ya ce an ba shi, wanda ya faɗa da bakinsa da aka matsa, bai kai rabin na dila ba, kuma ɗan kasuwan da ya shekara yana wannan harka ya san abin da irin wannan farashi yake nufi, ko da bai tambaya ba.

Ya kwashe shidan, har da biyun da muka buɗe, ya mayar da kuɗinsu. A kan biyun da aka riga aka sha aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan ya karɓi kuɗin na kwaikwayo ya mayar da bambancin. Firintar kuwa ta sha da ƙyar: garin da ya zubo daga na biyun ya ɓata hanyar takarda ya kai har bakin fiyuza, wurin da zafi ke manna rubutu, amma bai kai ga cin ledar da ke cikin fiyuzar ba. Na share ta, na buga shafi ashirin har suka fito fari tas.

Kuɗin makarantar bai isa na asali takwas a farashin dila ba, sai muka raba. Suka sayi na asali biyu don takardun sakamako da wasiƙun ofis, tambayoyin jarrabawa kuma aka buga su da na kwaikwayo mai sunansa a kwalinsa, wanda na kawo musu a kuɗinsa na gaskiya. Na asalin farko da suka sa, ma'aji ya aiko mini da hoton shafin rahotonsa ranar da rubutu ya fara dusashewa: shafi 1,980.

Bayan an dawo hutu na koma duba musu injin kwafi, na tarar da wani yaro da buhu a bakin ofis yana tambayar ko akwai tsofaffin katirij na sayarwa. Ma'aji ya fito masa da guda biyu. Yaron ya ce, “Baba, ina kwalayen? Da kwali kuɗin ya fi.” Ma'aji ya nuna masa kwandon shara, inda kwalayen suke a yayyanke gida huɗu-huɗu, hatimin a tsage. Yaron ya leƙa, ya yi tsaki, ya biya kuɗin katirij kawai ya wuce.